Wurin da Na Bar Masa Ya Sa Hannu

Maigidana direban motar siminti ne a Malbaza. Ranar da zai yi lodinsa na ƙarshe, ya turo min kuɗin lakwal, wato na makarantar yara, daga asusunsa na banki. An cire a wurinsa, amma ba su shigo nawa ba. Sai ya ɗauki hoton allon wayarsa ya aiko min, ya ce, "Ke da kika iya Faransanci, rubuta musu takardar koke. In na dawo sai in sa hannu."

Na zauna na kwafe komai daga hoton: ranar, adadin kuɗin, lambar shaidar turawa da lambobin asusun biyu. Na roƙi a bincika a mayar masa da kuɗinsa. A ƙasa na rubuta sunansa, na bar fili.

Motar ta kife bayan Badagishiri.

Da na fita takaba na kai takardar banki a Konni. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce kuɗin sun koma asusunsa tuni, amma ba za a taɓa su ba sai na kawo takardar rasuwa da ta gado daga kotu. Ta miƙo min takardata a hankali, ta ce, "Sai haƙuri, Hajiya."

Har yau ina buɗe hoton, amma ba kuɗin nake kallo ba. Can sama a kusurwa, batirin wayarsa ya yi ja, saura kaɗan ya mutu. Kullum sai na yi masa faɗa kan caji, bai taɓa ji ba.