Kwalbati a Minti Uku

Ni ungozoma ce, daga wani ƙauye bayan Janbako. Ban yi boko ba. Da aka shirya taron lafiyar mata a Talata Mafara, ni aka zaɓa in yi magana, aka ce minti ashirin.

Kowa ya ɗora mini kayansa. Mai gari ya ce in faɗi rijiya, liman ya ce rufin makaranta, wani tsoho ya ce in ambaci sansa na noma da ɓarayin daji suka kore, ko wani ya gan shi. Ni kuwa kwalbati ya kai ni. Rafi ya cinye hanyarmu, da damina babur ba ya wucewa da mai naƙuda.

Da safen taron malamar asibitin da ta raka ni ta ce, "Inna, masu magana sun yi yawa. An mayar da kowa minti uku. Akwai mai ƙararrawa."

Muka zauna bayan ɗakin taro, ta saita agogon wayarta. Na fara gaisuwa: shugaban taro, hakimai, malamai, gajiya, iyali, ruwa. Wayar ta yi ƙara ina kan gaida hakimi na biyu.

"Sai in yi sauri," na ce.

Na yi sauri. Ta ce kamar mai tallan magani a tasha, ba ta kama kalma ɗaya ba.

"Inna, ba gudu za ki yi ba, zubarwa za ki yi. In sun fita, me kike so su tuna? Abu ɗaya."

"Kwalbati."

"To rijiya ta tafi."

"Mai gari zai ci ni."

"San tsohon ma ya tafi."

"Shi dama ya tafi."

Ta bar mini sallama ɗaya, labari ɗaya, roƙo ɗaya. Muka gwada sau huɗu, ya cika minti uku cif.

Da aka ba ni lasifika na yi sallama kawai. Wani hakimi ya ɗago kai yana jiran sauran. Na ce mun ɗauko mace a kan ƙyauren ƙofa, mun tsaya bakin rafi, ta haihu a nan, ɗan ya rayu, ita ba ta rayu ba. Na ce kwalbati muke so. Don tsoro na tsallake rabin labarin, maganata ta ƙare, ƙararrawa ba ta buga ba.

An ce minti uku nawa ne. Ban ga dalilin barin saura ba. Na tsaya riƙe da lasifika ina kallon shugaban taro. Ya gyara hula. Ya duba takarda. Can ya miƙe tsaye, yana zaton shirun na mamaciyar ne, ɗakin duka ya miƙe, har mai ƙararrawa, wanda ya manta da aikinsa. Mun daɗe a haka. Ƙafata ta fara ciwo.

Daga ƙarshe shugaban ya ce, "Inna, wane ƙauye ne?"

Na faɗa, ya rubuta. An zo an auna sau biyu, an yi kwalbatin bayan damina biyu. Ƙarami ne, amma babur yana wucewa da mutum uku.