Tokara a Kan Bulo

Ƙara-Ɗaya muke kiransa a wurin gini, har matarsa ma da shi take kiransa idan ya ɓata mata rai. Kafintan dakin ne, wato shi ke haɗa katakon da ake zuba kankaren bene a kai. Ni mai ɗaurin rodi ne, a bayansa nake shiga: sai ya gama shimfiɗa filawud, wato fallayen katako, ya tokare ta ƙasa, sannan in hau in jera ƙarfena. Tun gemunmu na baƙi muke haka.

Sunan ya samo asali ne daga halinsa. Duk yawan tokarar da aka kafa, sai ya zagaya, ya karkata kai kamar zakara ya hangi shaho, ya ce, "A ƙara ɗaya a nan." Masu gini ba sa son jin wannan magana, shi kuma ko a jikinsa.

Da kujera da gado ya fara sana'ar a shagon kawunsa. Kawun ya kore shi, wai hannunsa ya yi nauyi, teburin shayi ma sai ya yi shi kamar giwa za ta zauna. Nauyin hannun nan shi ya ci da shi a dakin. Ya yi aure da guduma, ya aurar da 'ya'ya mata da ita, ya kuma rasa rabin ɗan yatsa a bakin zarto. Idan an tambaye shi sai ya ce ya ba da shi ajiya ne.

Ban taɓa ganin filawud ya yanke masa ana tsakiyar aiki ba. Mai gini zai zo da lissafinsa: ɗaki ƙafa goma sha biyu da sha shida, falle ɗaya ƙafa huɗu da takwas, ai falle shida ke nan cif.

"Shidanka daidai ne, ranka ya daɗe," in ji shi. "To bim ɗin fa, kwantaccen ginshiƙin kankaren nan da ya ratsa tsakiyar rufin? Cikinsa yana cikin shidan, amma kumatunsa biyu da suka sauko ƙafa ɗaya, da me zan rufe su, da hulata? Kusan falle guda ke nan. Bakin dakin ta waje ma sai an kewaye shi, in ba haka ba kankare ya tsiyaye. Wani fallen ke nan. Takwas, sannan a ƙara ɗaya saboda abin da zarto zai ci."

Tokara kuwa ba ya barin tazarar ta wuce ƙafa uku, a ƙarƙashin bim ya fi matse su. Kowace sai ta tsaya a kan falanki, an doka mata tsinin katako ta cije, an kuma ɗaure ta da 'yan'uwanta. Yakan ce kowace sanda nauyin buhun siminti shida take ɗauka a ka, ban da leburori masu tsalle a sama. Ranar zuba kankare kowa na sama, shi yana ƙasa, ruwan siminti na ɗiga masa a wuya, yana bin tokara yana ƙwanƙwasa su da guduma. Haka al'adar sana'ar take, wanda ya kafa shi ke tsayawa a ƙasa.

Da gwiwa ta fara cin amanarsa, babban ɗansa ya karɓi ragama. Mu Oga Ƙarami muke ce masa, ko da yake magidanci ne da 'ya'yansa. Gaskiya ɗaya ce, ya iya aiki, ya fi uban sauri nesa ba kusa ba. Yana zuwa da tsohon wurin aiki don kada zaman gida ya kashe shi. Abin da ya rage wa Ƙara-Ɗaya a duniya ke nan: a ba shi kujera a inuwa, a riƙa cewa, "Baba, duba mana nan."

Sai aka ba su wani babban shago mai dogon rufi. Tokarar da suke da ita ta gidajen kwana ce. A ƙarƙashin bim ta kai daidai, tunda bim ya sauko ƙasa, amma a ƙarƙashin shimfiɗar dakin sai ta gaza da kamar taƙi guda. An samo dogaye, ba su isa ba, layi biyu na tsakiya suka rage. Oga Ƙarami ya sa aka ɗora gajerun a kan bulo mai rami, ɗaya ɗaya.

"Cire su," in ji uban.

"Baba, kowa haka yake yi yanzu."

"Bulo mai rami ba ya gargaɗi. Katako sai ya yi kuka kafin ya karye, bulo kuwa fashewa yake yi gaba ɗaya. In ɗaya ta sauka, nauyinta kan maƙwabciyarta zai koma."

"Gobe za a zuba, an riga an kira injin kwaɓa. Ka huta, don Allah."

Tsohon ya koma kan kujerarsa a inuwa. Na san shi, ba a nan zai bar maganar ba.

Da safe inji ya tashi, leburori sun ɗaura gammo, mai shagon ya zo da abokansa kallo. Na leƙa ƙasa don in ga ko ƙarfena bai danna katako ba, sai ga Ƙara-Ɗaya ya jawo kujerarsa daga inuwa, ya dasa ta tsakanin layukan nan biyu, ya miƙe ƙafa. Na kira ɗan.

"Baba, fito. Ni zan tsaya a ƙasa."

"Ai ban hana ka ba, ga wuri."

"Haba Baba! Mutane na kallo."

"Ban ce zai faɗi ba. Kai ka kafa, kai ka san abinka. In ka yarda da shi, ce su zuba."

Oga Ƙarami ya dubi bulon, ya dubi uban. Kwanon farko ya riga ya hau kan lebura. Wallahi na ji tausayinsa, don ko wanne ya zaɓa ya sha kunya. Ya fita ya ɗaga wa mai inji hannu, inji ya mutu. Mai shago ya yi ta zazzaga masifa a gaban jama'a, har ya ce ashe yaro ya ba aiki. Kankaren da aka kwaɓa aka zubar a bakin ƙofa.

Oga Ƙarami ya nemo dogayen sanduna ya canza layukan biyu da hannunsa, bai bar kowa ya taya shi ba. Aka zuba dakin, ya fito sumul, ko gashi bai lotsa ba. Da an bar bulon, zai fashe ko ba zai fashe ba, Allah kaɗai ya sani. Na ga inda aka yi haka aka kwana lafiya, na kuma ga inda aka kwashi mutane a mota.

Ranar da aka tashi fara aiki na gaba, tsohon ya yi wanka da sassafe, ya fito ƙofar gida da gudumarsa. Ɗan ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya tambayi gwiwa, ya ajiye masa maganin shafawa. Sannan ya ce, cikin ladabi, "Baba, daga yau ka zauna a gida. Ba zan ƙara kafa tokara a kan bulo ba, na yi maka alkawari. Amma ba zan iya aiki kana wurin ba."

Tsohon ya ce, "To, Allah ya tsare."

Ina wucewa ta layinsu kusan kullum. Yana nan a kan dakali, lafiyarsa ƙalau, ya ma yi ƙiba. In na tsaya gaisuwa ba ya tambayar iyali, sai ya kama hannuna ya ce, "Rufin da yake yi yanzu, ƙafa nawa ne tsayinsa?"