Injin Casa a Akwati Uku

Ni na kai kaina. Da manoman ƙauyenmu a Lajawa suka haɗa kuɗi don sayo injin casar shinkafa daga Chana, yayana ya miƙe a taro ya ce ai ƙanensa ma'aikacin sito ne a jami'ar Wudil, ya san takarda. Ni kuwa na wani gyara zama, kai ya kumbura.

Don a rage kuɗin jirgi, na ce a kwance injin a zuba a akwati uku. Da yake ba mu da rajistar shigo da kaya, sai na roƙi wani Alhaji, surukin abokina, ya sa mana a kwantenarsa. Ya ce ba komai. Ko rubutu ba mu yi ba, don wai kunya.

Ranar da ejan ɗin Alhaji, mai fitar masa da kaya, ya turo lissafin kuɗin fito na kwastan, sai da na zauna a ƙasa. Innalillahi! Abin da na faɗa wa mutane daban, abin da ya zo daban. Aka sake karo-karo, har wata gwaggona ta sayar da tunkiya. Injin ya iso, yana aiki, amma gaisuwa ta canza. In na shiga gari sai hira ta mutu. Wani ma ya tambaye ni ko babur ɗina sabo ne. Shekararsa shida, wallahi!

Zuciya ta ɗebe ni, na karɓo kwafin takardu, na tare a gaban wani malamin jami'a da ya taɓa aikin fito. Ya duba, ya tafa hannu.

"Malam, ai an yanka ku. Ejan bai rubuta injin casa ba. Ya rubuta injin dizal daban, ƙarafa daban, bel daban, kowanne da lambarsa da kuɗinsa."

Ya nuna mini a littafin kuɗin fito: injin casa yana ƙarƙashin lamba 84.33, cikin kayan noma da ake sassauta wa. Kuma ƙa'ida ta biyu ta rarraba kaya ta ce duk na'urar da ta zo a kwance, matuƙar sassanta sun iso tare, a matsayin cikakkiyar na'ura ake ɗaukarta. Namu kuwa kwantena ɗaya, rana ɗaya. Ya ce in hanzarta, neman mayar da kuɗi yana da wa'adi.

Kwana huɗu na yi ina rubuta wasiƙar neman a mayar mana da rarar kuɗin. Na kawo lambar da aka sa, da wadda ta dace, da ƙa'idar, da bambancin kuɗin. Na haɗa da rasidin biya, takardar ciniki, jerin kayan akwati, da littafin kamfanin mai hoton injin. Na hau mota sai Kano, ofishin kwastan inda aka fitar da kayan.

Jami'ar kwastan ɗin da ta karɓa ta karanta tsaf, har tana gyaɗa kai.

"Hujjarka ta tsayu, Malam. Amma kai wane ne a nan?"

"Ni ne mai kaya mana, Hajiya!"

Ta juyo mini takardar, ta ɗora yatsa a kan sunan kamfanin Alhaji. "Ga mai kaya. Sunan kamfanin nan ne a kan komai. Shi zai nema, shi za a mayar wa. Kuma in ya nema, za a sake duba takardun shigowar gaba ɗaya."

Na ce ai da sauƙi, sa hannu ne kawai. Na wuce shagon Alhaji a kasuwa. Ya karɓe ni da fara'a, har da lemo. Da na zo kan maganar sake duba takardu, sai ya ajiye kofi.

"A sake buɗe takardun kwantenata? Ka san me ke ciki, da yadda aka rubuta shi? Na yi maka alheri, za ka tona mini asiri?"

"Ranka ya daɗe, kuɗin talakawa ne. Ana ce mini ɓarawo!"

"To, ka yi haƙuri. Ba zan sa hannu ba."

Na tashi na fito. Ashe tun farko na ɗauki dukiyar mutane na sa a sunan wani, ba shaida, ba rubutu.

Washegari na je Lajawa, na tara su a ƙofar gidan yayana, na karanta musu wasiƙar da Hausa, lamba bayan lamba. Na ce kuɗin an tabbatar namu ne, amma ba za su fito ba. Sai gwaggo ta ce, "Wato gwamnati ta yarda za ta biya, kai ne ka ce ba za a karɓo ba?"

Na juya ga yayana, ina jiran ya ce wani abu. Bai dube ni ba. Ya cire hula, ya ce wa mutane, "Ni na kawo shi. Ku yafe mini."