Kifin Inna Ya Wuce Legas

Har yau ban gane yadda tafiya mai nisa za ta fi ta kusa araha ba. Na tambayi mai sayar da tikitin jirgin sama a Sakkwato, ya yi mini kallon baƙauye.

"Kai dai hau. Tikitin Legas ne, zuwa da dawowa. Jirgin zai tsaya Abuja, ka sauka abinka. Amma kar ka ba su kaya, ka riƙe jakarka a hannu."

Yayana ne kwance a asibiti a Abuja, za a yi masa aiki, kuma an ce ba ya cin komai. Inna ta ce in ba busasshen kifin Gummi ba, ba abin da zai buɗe masa baki. Ta zaɓe shi da hannunta, ta cika kwali, ta ɗaure da igiya.

Na ce, "Inna, an ce ban da kaya."

"Wa yac ce? Ka tai wurin ɗan'uwanka hannu sake, kamar wanda ba shi da uwa?"

A filin jirgi suka ce kwalin ya yi girma, ga ƙarni, sai dai a sa shi a cikin jirgi ta ƙasa. Suka manna masa takarda. Karatuna bai yi zurfi ba, ban ma duba ba.

Na sauka Abuja. Kowa ya ɗauki kayansa ya tafi, ni ina tsaye ina jiran kwalina. Na je wurin wata ma'aikaciya. Ta duba tikitina, ta dube ni.

"Baba, me kake yi a nan? Jirginka ya tashi."

"Ai na iso."

"Ba ka iso ba. Legas za ka."

"'Yar nan, ni ban san kowa a Legas ba."

"To kwalinka dai can ya nufa."

Ta danna na'ura, ta ce tun da ban ƙarasa tafiyar ba, tikitin dawowata ma ya mutu. Ta ce a dokarsu, kamfani na iya neman in cika kuɗin tikitin Abuja. Na ce kujerar da na biya na bar musu, ban ɗauki komai nasu ba, su ne ma ke riƙe da nawa. Ta ce haka tsarin yake. Na kira mai tikiti, ya ce ai ya faɗa mini, ya kashe waya.

Na shiga kasuwa na sayi kifi, na kai asibiti. Matar yayana ta yi romo. Ya kurɓa sau ɗaya, ya ture kwanon.

"Wanga ba na gida ba ne. Ina na Inna?"

"Yana Legas, Yaya."



"Mi ya kai shi Legas?"

Na fara yi masa bayani daga farko. Ban kai rabi ba ya juya fuskarsa bango.