Maƙalar da Muka Binne da Hannunmu

A shekarar da damina ta ƙi ɗaukewa da wuri, masarar ƙauyenmu, can tsakanin Malumfashi da Gozaki, ta sha ruwa a shanya. Ina koyar da kimiyyar amfanin gona a wata kwaleji kusa da Funtua, don haka na bi rumbuna ina ɗibar hatsi, har da rumbun mahaifiyata. Gwaji ya nuna aflatoksin, gubar da fumfuna ke bari a jikin ƙwaya. Ba ta da ɗanɗano, dahuwa ba ta kashe ta, a hankali take cin hanta. Ranar na kasa taɓa tuwo.

Kayan gwajinmu na talakawa ne. Abin da nake so shi ne wani masani mai manyan na'urori, ko wani likita, ya ci karo da aikin ya ɗora daga inda na tsaya. Masana kuwa ba sa bin mujallu shafi-shafi. Kalmomi suke rubutawa a manhajar neman maƙalu, ita kuma ta fi duba take, sai tsakure, wato 'yan layukan da ke taƙaita aikin, sai muhimman kalmomin da ke ƙasansa. Mujallar da za mu aika wa ma iyakar abin da take sawa a intanet ke nan, sauran yana takarda. Saboda haka na zuba komai a taken, da Turanci: sunan gubar, masara, rumbu, kudancin Katsina. A tsakuren na faɗi yadda na yi gwajin da abin da na samu, ba kwana-kwana.

A sashenmu ƙaramin malami ba ya fitar da maƙala sai shugaba ya sa mata albarka, sunansa kuma a gaba. Shugaban namu dattijo ne mai sanyin murya, manomi kuma, kamar kowa a nan. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Malama, kin san su wa ke sayen masarar Bakori da Funtua? Masu haɗa abincin kaji ne daga Kudu, kuma suna da masu yi masu karatu. In suka ga wannan take, tirelolinsu za su juya. Wa za ki ce ya jawo wa mutanenku?"

"Ranka ya daɗe, ai yara ke cin ta."

"Ban ce a cire sakamako ba. Yana ciki, mai nema ya samu. A dai rufa wa mutane asiri."

Ya ɗauki jan biro. Take ya koma "Nazarin wasu abubuwa da ke shafar ingancin wasu zaɓaɓɓun hatsi a wani yankin Arewa". Tsakuren ya buɗe da cewa noma shi ne ƙashin bayan tattalin arziki, kamar akwai wanda ya yi musu, ya rufe da kira ga gwamnati. Sunan gubar ya zama "gurɓacewa". A muhimman kalmomi aka bar noma, hatsi, inganci. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba zan ce ƙarya ya yi ba, na san tirelolin, na san gidajen da ke jiran su.

Da maƙalar ta fito aka yi ta yi mana barka. Na zauna na rubuta sunan gubar da masara da Katsina a manhajar. Aikin Kano ya fito, na Neja ya fito. Nawa ko ƙyallinsa. Sai da na kwafe dogon taken nan kaf sannan ya leƙo, kuma wa zai nemi abu da taken da bai taɓa ji ba?

Na koma ƙauye ina roƙon a daina shanya a ƙasa, a tsince ƙwayar da ta canza launi. Wasu suka ji. Wasu suka ce tun kakanni haka ake yi, ba wanda ya faɗi a bakin akushi.

Bayan kaka biyu, a wani taron bita a Funtua, wata likita ta miƙe ta ce masu ciwon hanta da take gani daga ƙauyukanmu sun fara damun ta. Tana zargin hatsi. Ta nemi tallafin bincike, aka ce ta kawo shaidar cewa an taɓa samun gubar a yankin. Ta bincika iya bincikenta, ba ta ga komai ba, aka ba wasu tallafin. Shugabanmu yana babban teburi, idonsa a kan robar ruwan da ke gabansa.

Na tare ta a bakin ƙofa na ba ta kwafin maƙalar. Ta karanta taken, ta buɗe shafin sakamako, ta daɗe a kai. Ta tambaye ni ko rumbunan da na gwada har yanzu ana ci daga cikinsu. Na ce ana ci.

Da na isa gida na tarar da buhun masara a zaure, ɗan acaɓa ya kawo daga wajen mahaifiyata. Bana ma ruwa ya kai har bayan girbi. Mai aikina ta riga ta kai kwano biyu niƙa ta tuƙa tuwo, 'yata kuma tana zaune a tabarma, ta kusa cinye malmalarta.