Litinin Ɗin da Na Yi a Katagum

Lokacin da nake ƙaramin akawu a ofishin En'e na Azare, na rubuta takardar neman hutu don in je Katagum in gaida mahaifiyata. Na ce zan tafi daga Talata zuwa Litinin.

Babban akawu ya karanta, ya ce, "Malam, Litinin ɗin nan kana gida ne, ko kana ofis? Ni dai da safe zan neme ka."

Ya sa na sake rubutawa, kowace rana da kwanan watanta: hutu ya fara Talata, ya ƙare Litinin, in koma aiki Talata.

Ran Litinin kuwa hankalina kwance na ci miyar kifin Inna, sai da hantsi ya yi na hau kekena.