Hancin Ƙande da Madarar Safe

Na dawo Magariya daga karatu da yaƙinin cewa wuta na gyara kowace madara, shi ya sa al'adar Ƙande ta ɗaure mini kai.

Ƙande mai kindirmo ce a Waca, cikin ƙasar Magariya, ta tsufa tana sayen ɗanyar madara wurin makiyaya, kuma ba ta ɗora tukunya sai ta sunsuna. Ran sunan jikanta, moto, wato babur, ya lalace wa Maina, mai kawo mata madara, bidon, wato jarkar madarar, ya sha rana a hanya. Da ta buɗe sai ta ji ɗan tsami-tsami, ga baƙi na jiran fura.

"Inna, tafasa kawai," in ji Maina. "Nono ma ai tsami gare shi."

"Nono ni ke zuba masa iri a ƙwaryata, yaro. Wannan wa ya san abin da ya tsiro cikinta?"

Ta taɓa tafasa irin wannan madara, 'yarta Turai ta sha, ta yini tana amai. Majo, babban ma'aikacin likita, ya gaya mata cewa tsamin shaida ne ƙwayoyin cuta sun samu lokacin hayayyafa. Wuta na kashe yawancinsu, amma dafin da wasu suka riga suka zuba ba ya jin tafasa.

Ran sunan dai, Ƙande ta ɗebi ludayi ɗaya ta ɗora a wuta, madarar ta tsinke. Ta zubar da bidon duka, baƙi suka sha fura da ruwa, suna yi mata tsiya.

Na tambaye ta, "Inna, da ba ta tsinke ba fa?"

"Da na zubar," ta ce. "Wadda Turai ta sha ma ba ta tsinke ba."